Layin ƙarshe na limarik ya ƙi zama

Jama'a, ina neman taimako. Ina gwada rubuta limarik, waƙar barkwancin Turawan Ingila mai layi biyar, da Hausa. Layi na ɗaya, na biyu da na biyar suna da amsa-amo guda, na uku da na huɗu gajeru ne masu nasu. Tawa kan mai shayi ce da ya zuba gishiri a madadin sukari. Matsalar ita ce, Hausa takan kai aikatau tsakiya, sai "gishiri" ya fito tun a layi na huɗu, dariyar ta ƙare kafin na biyar. Da na matsar da kalmar ƙarshen waƙa, amsa-amon ya karye. In sauya amsa-amon layukan farko su dace da "gishiri", ko akwai wata dabara?