Shafi uku na lambobi zalla, ta ina zan fara?

Hadiza: Salamu alaikum ƴan uwa. Malamin da ke duba memwar ɗina, wato kundin kammala karatu, ya maido min da babin sakamako, wai ba ya karantuwa. Gwajin hatsi ne a Mirya da Magarya: babu taki, takin dabbobi, da NPK. Ga yadda na rubuta: "A Mirya an samu 412,36 ± 55,10 kg/ha babu taki, 655,81 ± 60,42 da takin dabbobi, 690,27 ± 71,05 da NPK." Haka har shafi uku.

Sani: Ki kwashe su duka ki zuba a tablo. Kar lamba ko ɗaya ta kwana cikin rubutu.

Malam Isufu: Wa alaikumus salam. Sani, ban da "ko ɗaya". Hadiza, tablo guda ya ishe ki: takin a layuka, garuruwan biyu a sama, kg/ha a kai sau ɗaya. Ki yar da abin da ke bayan waƙafi, don awon gona bai kai ga gane 0,36 na kilo a hekta ba. A ƙasan tablon ki faɗi fili nawa kika maimaita kowane taki, kuma ± ɗin nan SD ne ko SE. Ranar sutnans, wato ranar kare kundin gaban malamai, sai an tambaye ki wannan.

Rubutun kuwa, ya faɗi abin da ido ba zai kama da kansa ba: "A Mirya takin dabbobi ya ƙara amfani da kimanin kilo 240 a hekta, kusan kashi 60 cikin ɗari (Tablo 3)." Kin ga 240 ɗin nan ba ta cikin tablo, ke kika fito da ita. Irinta ake bari.

Hadiza: To Malam, in ƙara da cewa NPK ya fi duka?

Malam Isufu: Duba haruffan gwajin Tukey tukuna, masu nuna ko bambanci tabbatacce ne. In NPK da takin dabbobi duka "a" gare su, ba ki da hujjar cewa ya fi, tazarar kilo 34 ce kawai. Kuma kar ki ce daidai suke. Ki ce ba a ga bambanci tabbatacce ba.

Laminu: Ni tablona ne ke tsinkewa tsakanin shafi biyu a Word, kan ya ɓace.

Sani: Ba zancen da ake ba ke nan, Laminu. Zan kira ka bayan la'asar.

Hadiza: A Magarya fa takin bai yi wani tasiri ba. Ina zaton ruwa ne ya wanke shi. In rubuta a nan?

Malam Isufu: Rashin tasirin ki faɗa a nan, ya ma cancanci sakin layinsa. Zaton ruwan ki kai babin tattaunawa.

Balkisa: Mu namu malamin haɗe babin biyu ya sa muka yi, kuma yana son p a kowace jimla. Ki tambayi naki kafin ki wargaza.

Hadiza: Gobe zan same shi, in sha Allah.