"Za a tabbatar da samar da..." To, wa zai yi? Ku kawo yadda kuke gyara irin wannan rubutu

Baban Hafsa

Assalamu alaikum jama'a. Ina aiki a sashen yaɗa labarai na wata ƙaramar hukuma a nan Kebbi. An miƙo mini sakin layi daga daftarin tsarin rabon taki na noman rani, wai in sassauta shi yadda za a karanta a rediyo, a kuma liƙa a ƙofar uban ƙasa. Ga shi yadda ya zo:

"Za a gudanar da aikin tantance manoma kafin fara rabon takin zamani. Bayan kammala tantancewar, za a tabbatar da samar da buhu biyu ga kowane manomi a kan farashi mai rangwame. Ana sa ran biyan kuɗi cikin lokaci. Rashin bin ƙa'ida zai janyo ɗaukar mataki."

Jimla huɗu, amma ban ga mutum ko ɗaya da aka ɗora wa aiki ba. Waɗanda suka taɓa gyara irin wannan, ta ina kuke farawa?

Malam Ɗan Jega

Wa alaikumus salam. Ni Hausa nake koyarwa a sakandare, kuma abin da nake gaya wa ɗalibaina shi zan gaya maka: duk inda ka ga "an", "ana" ko "za a", soke shi ka sa "gwamnati". Gwamnati za ta tantance, gwamnati za ta ba da buhu biyu, gwamnati za ta hukunta. Shi ke nan, kowace jimla ta samu mai aiki.

Kawu Mai Fansho, Gwandu

Malam, ka kama hanya amma ka tsaya a rabi. "Gwamnati" a nan ba ta fi "za a" da komai ba. Manomin da ya taso daga ƙauye da kuɗinsa a aljihu ba zai je ya ƙwanƙwasa wa gwamnati ƙofa ba, mutum yake nema mai tebur da kujera.

Na yi aikin mulki tun kafin a ciro Kebbi daga Sakkwato a 1991, kuma yadda nake yi ke nan. Ba na taɓa kalma ko ɗaya da farko. Sai in ɗauki biro in ja layi ƙarƙashin kowane aiki da ke cikin sakin layin, ko ya fito fili ko ya ɓuya, in rubuta "wa?" a samansa. A naka, ɗana, akwai tantancewa, akwai rabo, akwai biyan kuɗi, akwai saɓa ƙa'ida, akwai hukuntawa. Biyar ke nan. Ka lura "gudanar da", "tabbatar da" da "samar da" ban ƙidaya su ba, domin ba su ɗauke da komai. "Gudanar da aikin tantance manoma" tantance manoma ne kawai. "Tabbatar da samar da buhu biyu ga manomi" ba manomi buhu biyu ne.

Amsar waɗannan "wa?" ɗin ba ta cikin takardar, kuma ba a kanka take ba. Tashi za ka yi ka je sashen gona. Wa ke rubuta sunaye, malamin gona ko kansila? Wa ke riƙe da makullin sito? Manomi banki zai biya ko a hannu? In ka zauna ka cike da tunaninka, ka tashi daga mai gyaran rubutu ka koma mai tsara doka, kuma ba kai aka ba wannan ba.

Abin da na sha gani shi ne, sai ka je tambaya ka tarar masu daftarin su ma ba su yanke ba. An tashi daga taro mutum biyu kowa na ganin shi ne zai riƙe rabon, sai sakatare ya rubuta "za a" don kowa ya tafi gida da zuciya ɗaya.

Ɗan Kabi, Argungu

Kawu, Allah shi ƙara girma. Ni ba ma'aikaci ba ne, shinkafa nake nomawa a fadama. Wata shekara mun ji sanarwa irin wagga, "ana sa ran biyan kuɗi cikin lokaci". Wallahi mu da yawa mun ɗauka mu za a biya, don an saba jin maganar tallafi. Muna zaune muna jira, ashe mu ake jira. Da muka farga muka je, aka ce lokaci ya wuce. Wane lokaci? Babu wanda ya faɗi rana. Shinkafar rani kuwa ba ta jiran takarda, in lokacin zuba mata yuriya ya wuce ya wuce. A kasuwa na saya da tsada.

Maman Halifa, Birnin Kebbi

Abin da Ɗan Kabi ya faɗa shi ne illar mayar da aiki suna. "Biyan kuɗi" ba ya nuna mai biya, ba ya nuna mai karɓa. Da an ce "manomi zai biya", ko yaro ya gane.

Ni fassarar labarai da sanarwa nake yi, kuma yawancin irin wannan rubutu daga Turanci ya faɗo mana. Turanci yana iya juya jimla ya sa abin da aka yi a gaba, sannan ya rataya mai aikin a ƙarshe. Hausa ba ta da wannan. In ka ce "an", to ka rufe ƙofa, babu gurbin mai aiki a jimlar. Shi ya sa kuke jin abubuwa irin su "an amince da jerin sunayen daga ɓangaren kwamiti". Duk inda na ga "daga ɓangaren" a irin wannan wuri murna nake yi, don an riga an ba ni mai aikin. Sai in ɗauko shi in kawo gaba: kwamiti ya amince da jerin sunayen.

Wani maɓoyin kuma shi ne "an samu". An samu jinkiri, an samu tsaiko, an samu ɓacewar buhu kaza. Kai ka ce a hanya aka tsince su.

Amma Malam Ɗan Jega, kada a yi wa "a" kisan kiyashi. "A zo da katin shaida" Hausa ce lafiyayye, mai sauraro ya san da shi ake, kuma ta fi "ku zo" ladabi in akwai dattawa. Haka "ana buɗe sito da ƙarfe tara", ba wanda ya damu da sunan mai buɗewa. Ni ma'aunina ɗaya ne: in abin bai faru ba, mai sauraro zai buƙaci sanin wanda zai kama? In e, sai an faɗi mai aikin. In a'a, ina barin "an" ɗina.

Yarima na Zuru

Shawarata a fassara ta zuwa Dakarci ma, mu nan akwai tsofaffin da Hausar ofis ba ta shige su. Kuma a rage tsawonta.

Maman Halifa

Yarima, fassara aba ce mai kyau, amma ba ita ake magana ba. Mai fassarar ma tambayar da zai fara yi ita ce wa zai tantance. Batun tsawo kuwa, ka shirya, gyararriyar sai ta fi ta farko tsawo.

Baban Hafsa

Na bi shawarar Kawu, na je sashen gona. Huɗu daga cikin biyar sun samu amsa. Ga abin da na fitar:

"Malamin gona na kowace gunduma zai rubuta sunayen manoman rani, hakimi ya sa hannu a kan jerin. Manomin da sunansa ya fito zai biya kuɗin buhu biyu a banki cikin kwana 14 daga ranar da malamin gona ya liƙa jerin. Zai kai takardar banki ga mai kula da sito, shi kuma ya ba shi buhun NPK ɗaya da na yuriya ɗaya, kowanne mai kilo 50. Manomin da ya sayar da takinsa ya saɓa ƙa'ida."

Kwana 14 ɗin ba ni na ƙirƙira ba, yana cikin bayanin taronsu, ba a dai sa shi a daftarin ba. "Cikin lokaci" yana zaune lafiya a bayan "biyan kuɗi", amma da na rubuta "manomi zai biya" sai jimlar da kanta ta nemi a ce yaushe, kuma a ina. Farashin ma na bar masa gurbi, don "mai rangwame" ba kuɗi ba ne.

Inda na maƙale shi ne "ɗaukar mataki". Shugaban sashe ya ce kwamitin rabo ne, wani ya ce sai shugaban ƙaramar hukuma. Wane mataki ma, ba wanda ya faɗa.

Lauya Bayawuri

Aiki ya yi kyau, amma ka duba wuri biyu kafin ka miƙa. Na farko, "rashin bin ƙa'ida" na asali bai ce na manomi kaɗai ba. Mai kula da sito da ya karkatar da buhu ashirin ya shiga ciki, malamin gona da ya cusa sunan ƙaninsa ma ya shiga. Kai ka taƙaita shi kan manomi, ka kuma taƙaita laifin kan sayarwa. Wannan ya wuce gyaran salo, ka sauya abin da tsarin ya ƙunsa. In ba haka suka nufa ba, "duk wanda ya saɓa, manomi ne ko ma'aikaci" ta fi kusa da asali, kuma ita ma tana da mai aiki.

Na biyu, "ana sa ran" fata ne, "zai biya cikin kwana 14" kuwa sharaɗi ne. Na taɓa zama a wani sulhu tsakanin ƙungiyar manoma da masu kawo musu kaya inda rigimar duka ta tsaya kan ko "za a kawo" alkawari ne ko niyya. Haka "ya ba shi buhu biyu": in taki ya ƙare a sito, manomi na riƙe da takardar banki da sanarwar da ta ambaci mai ba shi. Ni ina ganin hakan daidai ne, amma wanda zai sa hannu ya san abin da ya ɗauka.

Kawu Mai Fansho

Lauya ya yi gaskiya a na farkon. A na biyun kuwa ina da ja. In sito na iya ƙarewa, a rubuta haka: "mai kula da sito zai bi jerin sunaye har takin ya ƙare, wanda bai samu ba ma'aji ya mayar masa da kuɗinsa." Tsoron alkawari ba hujja ba ce ta komawa "za a".

Jimlar ƙarshen nan, ɗana, kada ka zaɓar musu. Ka rubuta ta kashi biyu, ɗaya da kwamiti, ɗaya da shugaba, ka bar gurbin hukuncin fili, ka maƙala a fayil su soke wadda ba su so.

Lauya Bayawuri

Kawu, mayar da kuɗin nan ma sabon sharaɗi ne, ba ya cikin daftarin. Kuma a banki aka biya, ba a hannun ma'aji ba. Wa ya ce yana da ikon fitar da su?

Ɗan Kabi

Ku dai ku gama kafin a fara dashe. Kuma Baban Hafsa, in hakimi ya yi tafiya, wa zai sa hannu?