An kira ni wai daga banki, lamba ta shigo wayata

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗazu bayan la'asar wani ya kira ni da Hausa tsantsa, ya faɗi cikakken sunana da ranar haihuwata, ya ce BVN ɗina ya samu matsala, za a rufe asusuna kafin magariba. Muna cikin magana saƙo ya shigo da lamba shida, ya ce in karanto masa. Gabana ya faɗi, na kashe wayar. Ban ba shi ba. Shi ke nan na tsira, ko da sauran abin yi?

Mai shagon POS: Wa'alaikumus salam. Yaya, Allah ya kare ki, amma da saura. Lambar nan ba ta zuwa haka kawai. Sai wani ya shigar da doguwar lambar katinki, da ranar ƙarewarsa, da ukun nan na baya, ya danna biya, sannan banki ya turo OTP wayarki don ya tabbatar ke ce. Ko kuma yana ƙoƙarin buɗe manhajar bankinki a tasa wayar. Koma ki karanta saƙon a tsanake, sau da yawa yana faɗin abin da lambar za ta yi, har da adadin kuɗin. In na biyan kuɗi ne, katinki ya riga ya fita hannu. Ki rufe shi yau, ta manhaja ko ta lambar wayar banki da ke bayan katin, gobe ki karɓi sabo. Kada ki kira lambar da ta kira ki.

Ɗalibi daga Zariya: Ni dai sunan mai turo saƙo nake dubawa. In sunan banki ne, na gaske ne.

Mai shagon POS: Ƙanena, ai nata saƙon na gaske ne, bankin ne ya turo shi. Mai kiran ne ɓarawo. Kuma ana iya ƙirƙirar sunan ma, saƙon bogi ya faɗo cikin jerin na gaske.

Hajiya mai atamfa: Ni ma an yi min. Yaro ya ɗauki turmi biyu, ya nuna min alat, kuɗi ba su shigo ba har yau.

Malamar firamare: Hajiya, naki alat na bogi ne, wannan daban. Nawa ya fi kama da nata. Aka ce an sa ni a taron ƙungiyarmu, in faɗi lambar da za ta shigo don rajista. Na faɗa. Cikin minti biyu WhatsApp ɗina ya fita, suka bi 'yan uwana suna roƙon rance da sunana. Ƙanwata ta tura dubu ashirin. Har yanzu abin yana cina.

Mai tambaya: Na duba, saƙon ya ce biyan naira 48,500. Na rufe katin yanzu, hannuna na rawa. To amma a ina ya samo ranar haihuwata?

Ɗalibi daga Zariya: Ƙila fom ɗin tallafi da ake yaɗawa. Kin taɓa cike irinsa?

Mai tambaya: Na cike ɗaya da azumi. Sai dai ban tuna na sa lambar kati ba.