Saƙon da ya yanke a tsakiya: a jira ko a tambaya?

An tafka muhawara kan abin da ya kamata mutum ya yi idan saƙo ya iso masa guntu, kamar a ce: "Kuɗin nan kada ka tura wa". Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a fara gano abin da ya yanke shi.

Idan a WhatsApp ne, galibi yatsa ne ya taɓa maɓallin turawa kafin a gama. A duba ko akwai alamar yana kan rubutu. In akwai, a yi shiru. Wata ta ce tambaya a wannan lokacin katse mutum take yi, sai ya bar abin da yake rubutawa ya koma ba ka amsa.

Saƙon tes kuwa daban ne. Guda ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da an sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ sai ya koma 70, dogon saƙo ya rarrabu. Wani lokaci kashi na biyu yakan makara, mai turawa kuma bai san an yanke ba, don a wayarsa cikakke yake gani. Nan jira kaɗai ba ya wadatarwa. Bayan 'yan mintuna a rubuta masa: "Saƙonka ya tsaya a 'kada ka tura wa', ƙarasa min." Maimaita kalmomin ƙarshen na nuna masa daidai inda zai ɗora.

An ɗan yi saɓani kan tsawon jiran. Ni dai ina tare da masu cewa abin da ke cikin saƙon ne ke yanke hukunci: gaisuwa ko hira na iya kwana, amma batun kuɗi, magani ko wurin haɗuwa, a buga waya nan take, kuma kada a tura ko sisi bisa hasashen sunan da bai iso ba.