Ma'aikata 12, huɗu za su tafi: mu koma biyan shekara ko mu zauna a na wata?

Mai kula da ofis, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'a. Manhajar da muke amsa saƙonnin kwastomomi da ita kuɗin kujera ake biya, dala 12 kowane mutum a wata. Mu 12 ne, dala 144 ke nan duk wata. Sun ce in muka koma biyan shekara, kujera ta dawo dala 10, amma a biya dala 1,440 lokaci guda. Oga ya ga ragin ya ce a danna yau. Abin da ya tsayar da ni, huɗu cikinmu masu yi wa ƙasa hidima ne, saura musu wata biyar. Waɗanda suka taɓa sauyawa, yaya ta kaya?

Akanta, Barnawa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ce wa oga ya ɗan dakata, don ragin da ya gani na mutum 12 ne da za su cika wata 12. Haka ne kawai biyan wata zai kai dala 1,728, har a ce an rage 288.

Naku ba haka yake ba. In kun zauna a biyan wata, wata biyar ɗin farko 144 sau biyar, dala 720. Yaran nan suna tafiya ku rage kujeru su koma takwas, dala 96 a wata, sau bakwai 672. Jimla 1,392. Kin ga biyan shekarar ya fi tsada da dala 48, ga shi kun fitar da kuɗin gaba ɗaya tun yau. Dalili kuwa, a yawancin tsarin shekara ana iya ƙara kujera kowane lokaci, amma ba a ragewa sai ranar sabuntawa. Haka Google Workspace ya raba nasa: Flexible Plan ana ƙarawa ana ragewa, Annual/Fixed-Term Plan kuwa adadin lasisin da aka ɗauka yana kan wuyan mutum har wa'adi ya cika.

Hanya mafi sauƙi ta aunawa: raba kuɗin shekarar kujera ɗaya da kuɗin watanta. 120 a raba da 12, goma. Duk kujerar da ba za a zauna a kanta fiye da wata goma ba, babu ribar saka ta a shekara. Saboda haka ki tambaye su ko suna yarda a haɗa biyun a asusu ɗaya. In sun yarda, takwas a shekara dala 960, huɗu a wata na wata biyar dala 240, duka 1,200. Ba kowa ke yarda ba fa.

Mai shagon kwamfuta, Kawo:
Malam akanta ka tsawaita. Ai da zarar yaron ya tafi ka rufe asusunsa, shi ke nan sun daina cajin kujerarsa. Mu haka muke yi.

Akanta, Barnawa:
A wasu wuraren gaskiyarka, Alhaji. Slack yana da tsarin da yake lissafa masu amfani da shi a zahiri, wanda ya daina shiga a mayar da kuɗin ragowar kwanakinsa cikin asusu. Sai dai wannan ba shi ne aka saba gani ba. A mafi yawansu cire mutum daban, rage kujera daban. Ka cire sunan a shafin Users, kujerar ta zama fanko, amma a shafin Billing adadin yana nan 12. Yadda za ka gane, ka duba inda aka rubuta wani abu kamar 8 of 12 seats used. Lamba ta biyu ake caja, ba ta farko ba.

Injiniya, Kakuri:
Ni ranar sauyawar zan yi magana a kai, don nan kati yake ƙin biya. A ce watan kwana 30 ne, kin sauya bayan kwana goma. Saura kwana 20 da kika riga kika biya, dala 96 cikin 144. Kamfanin da ke lissafin kwanaki zai cire wannan, ya caji 1,344, ya ɗora VAT kashi 7.5 in yana karɓar na Najeriya, wato dala 100.80. Abin da zai nema a katin 1,444.80 ne. Wanda ya zuba 1,344 cif a katin dala, biyan zai faɗi, kuma wasu kamfanonin katin suna cirar kuɗin cajin da ya faɗi. Wani kamfanin kuma ba ya cire komai, sai ya bari watan ya ƙare sannan shekarar ta fara. Kafin ki danna maɓallin ƙarshe yakan nuna adadi da ranar sabuntawa. Ki ɗauki hoton shafin, shi ne hujjarki in lissafi ya saɓa.

Sannan in kuka ɗauki sabon ma'aikaci bayan wata huɗu, ba dala 10 za a cire ba. Ragowar wata takwas za a cira lokaci ɗaya, dala 80.

Ɗalibi, Tudun Wada:
Yaya, me zai hana ku sayi kujera uku kowa ya riƙa shiga da lambar sirri ɗaya? Mu a makaranta haka muke yi.

Mai kula da ofis, Unguwar Rimi:
Ƙanina, sharaɗinsu ya hana, kuma in kwastoma ya kawo ƙara ba za mu san wa ya amsa masa ba. Injiniya, maganar wuce iyakar saƙonni fa? Tsarinmu saƙo 1,000 ne ga kowace kujera a wata, a haɗe 12,000. Na ɗauka biyan shekara ya rufe wannan.

Injiniya, Kakuri:
Bai rufe ba, Hajiya. Biyan shekara kuɗin kujera ne kaɗai. Iyakar saƙonni galibi ta wata ce, abin da ya ragu ba ya tsallakawa wata na gaba, abin da ya haura kuma a ƙarshen watan ake cajinsa daban. A ofishin da nake duba wa na'urori, an biya shekara aka bar katin babu ko sisi, cajin ƙarin dala 15 ya faɗi sau uku, aka dakatar da asusun da safiyar Litinin, wayar ofis tana ta ƙara babu mai iya buɗe saƙo ko ɗaya.

Kuma wannan ya taɓa lissafin malam akanta. In kun rage kujeru zuwa takwas, iyakarku ta sauka 8,000, alhali kwastomomi ba su ragu ba. Ki duba shafin Usage na wata shida baya. In kuna yin 11,000, saƙo 3,000 ne za su riƙa haurawa duk wata. Ki nemi kuɗin kowane dubu, ki kuma tambaya ko saƙo ɗaya da ya shiga sabon dubu ana cajin dubun ne gaba ɗaya. In dubun ya wuce dala 10, riƙe fankon kujera a shekara ya fi araha.

Akanta, Barnawa:
Wannan na yarda, ban saka shi ba. Akwai kuma canjin dala. Wanda ya biya shekara a farkon 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya tsira daga hawan da ta yi ta wuce 1,400 a farkon 2024. Amma sai in an biya duka a gaba. Alkawarin shekara da ake biya wata-wata yana ɗaure ki da adadin kujeru, canjin kuma yana binki kowane wata.

Mai shagon kwamfuta, Kawo:
To in naira ce ta yi ƙarfi fa? Ka biya da tsada ke nan. Ni dai kuɗina a hannuna.

Mai kula da ofis, Unguwar Rimi:
Na duba, watan da ya fi yawa 9,400 muka yi, sauran ba su kai 8,000 ba. Na tura musu tambayar haɗa takwas da huɗu, ba su amsa ba tukuna. Wanda ya taɓa komawa wata daga shekara ana tsakiyar wa'adi, an mayar masa da ragowar kuɗin, ko sai da ya jira ranar sabuntawa?