Malaman bayoloji, in gwada jinin ɗalibai a aji ko in bari?

Sabon Malami, Jega: Assalamu alaikum. 'Yan aji shida na sakandare nake koyarwa, jarrabawa ta matso, kuma har yanzu suna cakuɗa inkwamplit dominans da kodominans. Na zana musu jan fure da fari sun haifi ruwan hoda, sai suka ce ai jinin AB ma haka ne. Ina tunanin sayo ruwan gwaji su gani da idonsu. Yara 46 ne, kuɗin daga aljihuna. Wa ya taɓa yi?

Malamar Kimiyya, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam. Ni da shayi nake farawa. Ka zuba madara, launi na uku ya fito, ba baƙi ba fari: furen ke nan, inkwamplit dominans. Garau-garau kuwa ga shinkafa ga wake, kowa ana ganinsa. Haka AB yake, kodominans ke nan, alamar A da ta B duka suna kan ƙwayar jinin. Ɗiga ruwan gwajin Anti-A jinin ya dunƙule, ɗiga Anti-B ma ya dunƙule.

Ɗan Argungu: Hajiya kin tada mini yunwa, a ƙaro mai da yaji.

Tsohon Malami, Yauri: Hajiya, a kula da shayin nan. Madara ba ta komawa gwangwani, amma in ka haɗa ruwan hoda da ruwan hoda, ja da fari suna dawowa, 1:2:1, wato ja ɗaya, ruwan hoda biyu, fari ɗaya. Ƙwayoyin gadon ba su narke ba, ja guda ɗaya ne bai isa ya cika launin ba. Nan yara suke faɗuwa.

Abu Zuru: Malam, don Allah kar ka gwada. Na yi. Na koya musu uba mai AB ba ya haifar O, sai wata yarinya ta fito O, katin babanta kuma AB. Ta kai maganar gida. Sati biyu uwar tana gidan iyayenta. Da aka sake gwaji, ashe baban B ne, a katin aka yi kuskure. Har yau in na haɗu da matar nan a kasuwa sai in sauya hanya.

Mai Kemis: Dubu ɗaya ne fa gwajin, a tura su asibiti.

Ɗan Argungu: Ina? Dubu biyu da ɗari biyar na biya, aka ce ni AS ne.

Mai Kemis: Wannan jinotayif ne, ba rukunin jini ba.

Tsohon Malami: Amma shi ma misalin kodominans ne, a gwaji ana ganin A ana ganin S.

Abu Zuru: Baba, ku da kuka bar alli tuntuni, ba ku san iyayen yanzu ba.

Malamar Kimiyya: Ni abin da ke ƙona mini rai wuraren gwajin nan ne. Ƙanwata an rubuta mata AA kafin aure, bayan haihuwa ta biyu aka ce AS. Wa za ka kama?

Sabon Malami: To jama'a, in sayo ko kar in sayo?