Wasan kwamfuta a kan waya: yadda za a rage jinkiri

Matasa masu harkar wasannin kwamfuta a Gombe sun tattauna kan wannan, kuma bakinsu ya zo ɗaya: a sa Sunshine, manhajar da ke tura hoton wasan, a kwamfuta, a sa Moonlight, wadda ke karɓarsa, a waya, a haɗa su da lambar PIN mai lamba 4 da wayar za ta nuna. Hoton ba ya cin data, domin bai fita daga gida ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida. A jona kwamfuta da ita ta kebul, wayar kaɗai ta hau Wi-Fi, kuma a kan 5 GHz. Layin 2.4 GHz cunkoso gare shi, ƙaramar MiFi kuwa sau da yawa shi kaɗai take da shi. Sai dai 5 GHz ba ya jure bangon bulo: ɗaki biyu tsakani, hoto ya fara tsinkewa.

A saitin Moonlight, a fara da 1080p, 60 FPS, 20 Mbps. In hoto na daskarewa, a sauke zuwa 10 Mbps da 720p. In lafiya lau aka fara, sai bayan rabin awa ya lalace, taɓa bayan wayar. In ta ɗau zafi, kamar yadda ake yi a watan Afrilu, a cire mata riga, a daina caji ana wasa.